Inda masu saye ke zurarewa: yadda ake karanta rahoton mazurari

Kowane ƙarshen wata, idan albashi ya shiga, tallace-tallace kan cika Facebook da Instagram, kuma daga cikin masu biyan kuɗinsu har da ma'aikatan da ke noma ko kiwo a gefe. Kukan da aka fi ji daga bakinsu iri ɗaya ne: kuɗin talla ya ƙare, jama'a sun latsa, amma ciniki bai taka kara ya karya ba. Mafi yawansu sukan ɗora laifin a kan tallar, su sake hoto, su ƙara kuɗi. Sau da yawa kuwa ɓarnar tana cikin shafin da tallar ke kai mutane, kuma akwai rahoton da ke nuna daidai inda take.

Rahoton yana cikin Google Analytics 4, a sashen Explore, da sunan Funnel exploration. An kamanta shi da mazurari saboda bakinsa faɗi ne, ƙasansa tsukakke: mutane da yawa ke shiga, kaɗan ke kaiwa ga biya. Mai shafin ne ke jera matakan da kansa, har zuwa goma, rahoton kuma ya nuna yawan waɗanda suka kai kowane mataki da kason da ya tsaya a nan, a ƙarƙashin Abandonment rate.

Kafin a duba ko da lamba ɗaya, sai an ware baƙin da talla ta kawo daga sauran jama'a. Tsohon abokin ciniki ya san hanya, ya san farashi, don haka idan aka gauraya shi da baƙo, sai ya rufe asirin shafin. Ana yin wariyar ne ta hanyar liƙa alama a ƙarshen adireshin da aka sa a tallar, kamar `utm_medium=cpc`, sannan a tace rahoton da ita. Wanda bai sa alamar ba tun farko, zai iske baƙin talla sun cakuɗe da waɗanda suka biyo saƙon da ya wallafa kyauta.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke kiwon zuma, yana sayar da ita ta intanet. Ya kashe naira 150,000 a wata guda, Ads Manager kuma ya nuna masa an latsa tallar sau 2,000. Da ya buɗe rahoton, sai ya ga mutum 1,200 ne suka sauka a shafin. Daga cikinsu 240 suka sa zuma a kwando, matakin da ake kira `add_to_cart`. Mutum 180 suka fara cike bayanan saye, wato `begin_checkout`. Sai 45 suka kai ga zaɓar hanyar biya, `add_payment_info`, a ƙarshe 18 suka bayyana a `purchase`.

Giɓin farko yana tsakanin 2,000 da 1,200, kuma ba ya ma cikin rahoton. Wasu sun latsa sau biyu, wasu yatsa ne ya zame, wasu kuma sun gaji da jiran shafi mai nauyin hotuna sun koma kafin ya buɗe. Ads Manager da kansa yana bambanta Link clicks da Landing page views, kuma idan tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa, nauyin shafin ne abin fara tuhuma.

Daga nan ido kan tafi kai tsaye wurin da aka fi zubewa, inda mutum 960 suka duba suka wuce ba su taɓa kwando ba. Wannan shi ne tarkon da yawancin sababbin shiga ke faɗawa. Ko a kasuwar Wuse, masu leƙa rumfa su wuce sun ninka masu taya kaya, kuma babu ɗan kasuwar da ke rufe shago saboda haka. Wanda ya kamata a yi jimamin rashinsa shi ne wanda ya taya, aka daidaita, ya sa hannu a aljihu, sannan ya juya. A misalin nan, irin waɗannan su ne mutum 135 da suka fara cike bayanai suka watsar, wato uku cikin kowane huɗu.

Amma kafin a kai gare su, akwai matakin ƙarshe da ke buƙatar tantancewa. Rahoton ya ce 27 cikin 45 sun gudu a bakin biya. Da mai zumar ya duba asusunsa, sai ya tarar mutum 33 ne suka biya daga cikin baƙin tallar, ba 18 ba. Dalilin sananne ne: galibi ana ƙirga `purchase` ne idan shafin godiya ya buɗe. Mai saye da ya zaɓi tura kuɗi ta banki yakan fita zuwa manhajar bankinsa, ya biya, ya ga saƙon cire kuɗi, ya ajiye waya. Kuɗi sun shiga, rahoto kuwa ya rubuta shi cikin waɗanda suka gudu. Saboda haka lambar ƙarshe ba a yarda da ita sai an gwada ta da bayanan asusu na kwanakin da ake magana.

Da aka kawar da wannan, sai hankali ya koma kan mutum 135 ɗin nan. Rahoton yana da gurbi mai suna Breakdown, kuma idan aka sa masa Device category, sai ya raba kowane mataki tsakanin masu waya da masu kwamfuta. Masu kwamfuta 30 ne suka fara cike bayanai, 18 suka wuce, wato kashi 60 cikin ɗari. Masu waya 150 ne, amma 27 kaɗai suka tsallake, kashi 18 cikin ɗari.

Wannan bambanci ya rage zato. Da kuɗin aike ne ke korar mutane, da an ga alamarsa a ɓangarorin biyu, domin mai kwamfuta ma yana ganin kuɗin. Tunda masu waya ne suka fi tsayawa, sai a nemi abin da ke faruwa a waya kawai. A nan rahoton ya gama nasa aiki, domin wuri yake nunawa, ba ya faɗin dalili. Abin da ya rage shi ne mai zumar ya ɗauki ƙaramar waya, ya kashe intanet ɗin ofis, ya bi tallarsa kamar baƙo. A misalin, ya iske idan aka rubuta lambar waya da sifili a farko, gurbin ba ya karɓa sai da +234, kuma jan rubutun da ke bayyana haka yana ɓuya a bayan allon rubutu. A kwamfuta ana ganinsa sarai, a gyara a wuce.

Lissafin gyaran ba shi da wuya. Da ciniki 33, kowane mai saye ya ci wa mai zumar kimanin naira 4,500 na talla. Idan masu waya da ke wucewa suka tashi daga 27 zuwa 60, aka ci gaba da biya bisa kason da aka saba, ciniki zai kai wajen 57, kuɗin kowane mai saye ya sauko zuwa kusan naira 2,600, ba tare da ƙarin ko sisi a talla ba.

Rahoton yana da iyaka. Mutum 30 na kwamfuta ba su da yawa, biyar daga cikinsu suna iya sauya kason sosai, don haka bambanci mai faɗi ne kawai abin dogaro. Wanda ya koma WhatsApp ya ƙarasa ciniki shi ma za a lissafa shi cikin waɗanda suka tafi. Sannan idan aka gyara abu biyu a lokaci guda, ba za a san wanne ya yi aiki ba. A gyara ɗaya, a rubuta ranar, a jira wani ƙarshen watan ya zagayo, a kwatanta makon albashi da makon albashi.