Ko Kun San Kusan Rabin Cinyar Kaza Ba Tsoka Ba Ce?

Idan aka ɗora ɗanyar cinyar kazar gidan gona a kan sikeli ta nuna giram 200, tsokar da ke cikinta ba ta wuce giram 114 ko makamancin haka. Sauran giram 86 ƙashi ne da fata da kitsen da ke manne da fatar. A teburin abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka, wanda masana abinci a ƙasashe da dama ke dogara da shi, ƙashi yana ɗauke da kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyin cinyar, fata da kitse kuma wajen kashi 22. Abin da ya rage, kusan kashi 57 cikin ɗari, shi ne kason da ake ci idan an cire duka biyun. Ku lura da wannan: fata da kitsenta sun kai ƙashi nauyi, alhali a hannu ƙashin ne ake ji kamar ya fi.

Ga wani abu da yake yaudarar mutane da yawa. Adadin furotin, wato sinadarin gina jiki, da ake rubutawa a irin waɗannan tebura, ana ba da shi ne a kan giram 100 na abin da zai shiga baki. Ba a kan abin da aka saya daga hannun mai kaji ba. Ɗanyar tsokar cinya tana da kusan giram 19.7 na furotin a kowane giram 100. To lissafin hawa biyu ne. Da farko a fitar da tsoka: 200 sau 0.57, ya ba da giram 114. Sannan a fitar da furotin daga tsokar: 114 sau 0.197, ya ba da giram 22 da ɗoriya. Wanda ya tsallake hawa na farko zai ninka 200 da 0.197 kai tsaye, ya samu giram 39, ya kwanta da tunanin ya ci abin da bai ci ba. Tazarar ta kai giram 17, kusan furotin ɗin ƙwai uku, tunda ƙwai ɗaya babba yana ba da wajen giram 6. Ga mai lafiya wannan ƙaramin kuskure ne. Ga mai ciwon ƙoda da likita ya ƙayyade wa abin da zai ci, ko mai jinyar da ake so ya maido jiki, a ganina ba abin wasa ba ne.

A kilo guda na cinya mai ƙashi da fata, ke nan, akwai tsoka giram 570 da furotin kusan giram 112.

Wuta ba ta ƙara furotin, amma a takarda sai ka rantse ta ƙara. Gasasshiyar tsokar cinya tana da giram 25 zuwa 26 a kowane giram 100, sama da 19.7 na ɗanya. Sirrin shi ne ruwa. Nama yana zubar da ruwa da wani sashe na kitsensa a kan wuta, ya ƙanƙance da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tsokarmu mai giram 114 za ta dawo wajen giram 86. A ninka 86 da 0.26, sai ga giram 22 ɗin nan dai, bai je ko'ina ba. Matsala tana zuwa ne idan aka gauraya: a auna nama yana ɗanye, a ɗauko adadin gasasshe. Sai 114 sau 0.26 ya haifi kusan giram 30, bakwai daga ciki na ƙarya. Ƙa'idar guda ce, ɗanye da ɗanye, dafaffe da dafaffe. Haka kason da ake ci ma: kashi 57 ɗin na ɗanyar cinya ne, domin bayan gashi tsoka da fata sun rame, ƙashi kuwa bai rame kamarsu ba.

Mai cin fata fa? Shi kasonsa ya tashi zuwa kashi 79, tunda ƙashi kaɗai zai yar. Amma furotin ɗin kowane giram 100 ya sauka zuwa wajen giram 17, saboda fata kitse ya fi yawa a cikinta. Daga cinyar giram 200 zai ci giram 158, ya samu furotin giram 26 zuwa 27. Wato fatar ta ƙara masa giram huɗu ko biyar kacal, tare da kitsen da ya ninka na tsokar sau da yawa.

Akwai kuma masu cire ƙashi sau biyu. Sun sayi cinyar da aka riga aka fefe, babu ƙashi babu fata, amma suka sake ninka nauyinta da 0.57. Wannan nama duk abin ci ne, ba a rage masa komai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a ɗakin gwaji ba furotin ɗin kansa ake aunawa ba. Sinadarin naitirojin ake aunawa, sannan a ninka da 6.25, domin kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyin furotin naitirojin ne. Hanyar da ta shahara wajen yin haka Johan Kjeldahl ne ya fito da ita a 1883, wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmark da ke aiki a ɗakin binciken Carlsberg a Copenhagen. Sama da shekara 140 ke nan ana amfani da ita.

Sai batun da ya fi shafar kasuwanninmu. Cinyar da teburin ke nufi ita ce gaɓar sama kaɗai, daga kwankwaso zuwa gwiwa. Abin da mai kaji ko mai gashi zai miƙo maka da sunan cinya sau da yawa ƙafar ce gaba ɗaya, har da ƙwauri, wani lokaci ma da guntun ƙashin baya. Ƙwauri da baya sun fi cinyar sama yawan ƙashi, saboda haka kason tsoka zai bambanta. Kazar gida mai yawon kiwo kuma ba ta da cikar ta gidan gona, kuma ba a kanta aka fitar da wannan kashi 57 ba. Idan daskararriya ce, a bari ta narke a tsane ruwan kafin awo, don ƙanƙara ma tana hawa sikeli.

Mai tauna guringuntsi yana tsotse ɓargo yana samun ɗan ƙari da tebur bai lissafa ba. Haka mai shan romon farfesu, domin wani abu kaɗan na furotin ɗin fata da jijiya yana narkewa a ruwan, shi ya sa romon ke yin kauri idan ya huce. Amma kaɗan ne, ba ya sauya lissafi sosai.

Hanyar da ta fi kowane tebur gaskiya ba ta da wuya. Ka auna cinyarka gaba ɗaya, ka fefe ta, ka auna ƙashi da fata, ka ɗebe daga nauyin farko. Raba abin da ya saura da nauyin farko, ka samu kason kazarka. Idan ta riga ta dahu, auna ta kafin ci, sannan ka auna abin da ya rage a faranti. Bambancin shi ne naman da ka ci, kuma shi za ka ninka da 0.26 idan gasasshe ne. Tsokar da ka auna a ɗanye kuwa, ka ninka ta da 0.197.