Baki Da Hannu A Kan Dandamali: Yadda Ake Auna Jawabin Nuna Sabon Kaya

Ranar 9 ga Janairun 2007, Steve Jobs ya hau dandamali a taron Macworld da ke birnin San Francisco domin nuna wa duniya wayar iPhone ta farko. Masu kallo sun ga waya mai yin duk abin da ya ce, a daidai lokacin da ya faɗa. Abin da ba su sani ba shi ne wayar ba ta gama haɗuwa ba. Tana iya kunna wani yanki na waƙa ko bidiyo, amma in aka bar ta ta kai ƙarshe tana iya sandarewa. In aka aika saƙon imel sannan aka shiga intanet, lafiya lau. In aka juya tsarin, akwai haɗarin ta tsaya cik. Saboda haka injiniyoyin Apple suka gano jerin matakai guda da wayar ke jurewa, suka kira shi hanyar zinariya, Jobs kuma ya shafe kwanaki yana bin sa a atisaye, yana ɗora kalamansa a kai.

Darasin wannan rana shi ne tushen aikin gaba ɗaya: na'ura ce ke riƙe da agogo, jawabi kuma shi ake yanka wa dai-dai da ita. Mutum na iya rage magana ko ya ƙara, amma ba ya iya hanzarta shafin da ke buɗewa. Wanda ya fara rubuta jawabi mai daɗi sannan ya nemi cusa danne-danne a ciki, ya fara gini ne daga rufi.

Matakin farko shi ne a raba takarda gida biyu. A hagu a jera duk abin da hannu zai yi, ɗaya bayan ɗaya, har da ƙananan da ake rainawa kamar ɗaukar waya daga tebur. Dama kuwa a bar ta fayau tukuna. Sai a ɗauki agogon awon lokaci da ke cikin waya a auna kowane mataki sau da dama, a rubuta mafi gajarta da mafi tsawo. Ya fi kyau a yi awon a zauren da za a yi taron, domin sabis ɗin ofis daban ne da na ɗakin da ya cika da mutane kowa da wayarsa. Jobs kansa ya gamu da wannan a 2010, lokacin nuna iPhone 4: shafin intanet ya ƙi buɗewa saboda ɗaruruwan na'urorin Wi-Fi da ke zauren, har sai da ya roƙi mahalarta su kashe nasu.

Mataki na biyu shi ne mai jawabi ya auna bakinsa. Ya karanta wani rubutu da ƙarfi na minti ɗaya, da irin muryar da zai yi wa taro magana, ya ƙirga kalmomin. Mu ce ya sami 120, wato kalma biyu ke nan a kowane sakan. Daga nan kowane mataki ya sami kasonsa na kalmomi.

Mu ɗauki misalin mai nuna manhajar tura kuɗi. A awonsa, rubuta lambar asusu na cin sakan 8, don haka abin da zai faɗa kada ya wuce kalma 16. Gara ma ya gaza haka, tunda ido na kan lambobi kuma hannu na iya kuskure. Jimla irin wannan ta isa: "Lambar asusunsa kawai nake buƙata, ba sai na tambaye shi sunan bankinsa ba." Kalma 13 ce, za ta ƙare daidai lokacin da yatsa ke kai wa lambobin ƙarshe.

Inda aikin ke da wuya shi ne bayan ya danna maɓallin turawa. Awo ya nuna cewa amsa na iya dawowa cikin sakan 3, tana kuma iya kai sakan 12. Doguwar jimla guda ba za ta yi ba, domin in amsa ta zo da wuri zai ci gaba da bayanin jira alhali allo ya riga ya nuna an gama. Dabarar ita ce a tanadi gajerun jimloli uku ko huɗu, kowace mai cin gashin kanta, a jera su bisa muhimmanci: "Yanzu saƙon ya tafi bankinsa." Sannan: "Bankin na tabbatar da mai asusun." Sannan: "Da ya amince, wayar za ta sanar." Duk inda amsa ta riske shi sai ya ƙarasa jimlar da ke bakinsa ya watsar da sauran, babu wanda zai san an bar wani abu.

Akwai kuma tsarin da ya kamata kowane muhimmin mataki ya bi. A fara gaya wa mutane inda za su duba, sannan a yi aikin, sannan a yi shiru na sakan biyu ko uku, sai a faɗi amfaninsa. In bayani ya riga aiki da nisa, masu kallo na neman abin da babu shi a allo. In aiki ya riga bayani, abin ya wuce ba su lura ba. Shirun nan ma a rubuta shi a takarda kamar yadda ake rubuta jimla, domin mai fargaba shi yake fara haɗiyewa. Sa'ad da Jobs ya ja yatsa a fuskar waya ya buɗe ta, bai zarce ba. Ya sake kulle ta ya maimaita, saboda abin da ya faru cikin sakan ɗaya ido na buƙatar sake ganinsa.

In kuwa wani ne ke danna kwamfuta yayin da wani ke magana, to a ja layi ƙarƙashin kalmar da za ta zama ishara a kowane mataki. Mai dannawa kalmar yake jira, ba ƙarshen jimla ba, kuma mai jawabi ba ya sauya ta ranar taro ko da ya sauya sauran. In matakin na cin sakan biyu kafin ya bayyana, a matso da kalmar ishara baya da kamar kalma huɗu.

Abu na ƙarshe da za a saka a takarda shi ne iyakar jira: sakan nawa za a ba na'ura kafin a koma ga ta ajiya, da jimlar da za a faɗa yayin sauyawar. A 2017, da iPhone X ta nemi lambar sirri maimakon ta buɗe da fuskar Craig Federighi, nan take ya ɗauki ta biyu da ke ajiye a gefe ya ci gaba. Wayar ajiya na amfani ne in an riga an shirya ta a daidai matakin da ake.

Hanyar gane ko an dace mai sauƙi ce. A ɗauki bidiyon atisaye yadda allo da mai magana za su fito tare, a kalla ana riƙe da takardar. Duk inda aka ji "kamar yadda kuke gani" alhali allo bai nuna komai ba, magana ta yi gaggawa. Duk inda allo ya sauya ana kan bayanin abin da ya wuce, jimlar ta yi tsawo, sai a rage ta. In kuma atisaye ya cinye lokacin da aka ba ka cif, a cire mataki guda gaba ɗaya, domin tafi da dariyar jama'a da jinkirin sabis duk za su ci nasu rabon a ranar.