Me ya sa kwamfuta ke mayar da Sa'adu ya zama Sa'Adu?

Sau da yawa jerin sunayen ɗalibai ko na ma'aikata yakan zo ne da manyan baƙaƙe zalla: SA'ADU, RABI'U, NA'ABBA. Idan lokacin buga takardar shaida ko katin gayyata ya yi, sai mai aikin kwamfuta ya nemi hanyar da zai gyara su duka a lokaci guda. A Excel akwai umarnin da aka yi don haka:

```
=PROPER(A2)
```

Abin da umarnin ya sani ɗaya ne. Yana girmama baƙin farko na kalma, da duk baƙin da ya biyo bayan wata alama da ba baƙi ba, sauran kuma ya ƙanƙanta su. A wajensa, alamar hamza daidai take da fili tsakanin kalmomi. Shi ya sa Sa'adu yake fitowa Sa'Adu, Rabi'u ya zama Rabi'U, tsohon ɗan ƙwallon Kamaru Samuel Eto'o kuma ya koma Eto'O. A Python ma `title()` haka yake yi.

Mai dabara zai ce abin mai sauƙi ne, a sa kwamfutar ta mayar da duk baƙin da ya biyo hamza ƙarami:

```
=SUBSTITUTE(PROPER(A2),"'A","'a")
```

Sa'adu ya gyaru, sai a maimaita don Isma'ila da Mas'udu. To amma an ɓata wani. Marigayi Ghali Umar Na'Abba, kakakin Majalisar Wakilai daga 1999 zuwa 2003, da babban A ake rubuta sunansa, domin kalmomi biyu ne aka haɗa, "na" da "Abba". Alamar da ke cikin Sa'adu tana nuna sauti ne a tsakiyar kalma ɗaya, ta cikin Na'Abba kuwa tana kan gaɓar da kalmomi biyu suka haɗu. A ido kamarsu ɗaya, kuma babu lissafin da zai bambanta su sai wanda ya san ma'anar sunan. Ga kuma sunan marigayi Shugaba Umaru Musa: jaridun Turanci suna rubuta Yar'Adua, masu rubutun Hausa da yawa kuma 'Yar'adua. Ko wannan hamzar ta farko tana da nata tarkon, domin idan ka fara rubutu da ita a cikin gidan Excel, sai ya ɗauke ta a matsayin umarni ya ɓoye ta. Sai ka buga ta sau biyu kafin ta bayyana. 'Yan Nijar da ke rubuta ƴ da lanƙwasa sun huta da wannan.

Karan ɗori bai cika ba da wahala ba. Galibi sassa biyun duk babban baƙi suke ɗauka, kamar Ngozi Okonjo-Iweala ko Nasir El-Rufai, kuma `PROPER` yana samun wannan daidai.

Ƙananan kalmomin da ke shiga tsakiyar suna su ne suka fi rikita mutane. Idan "ɗan" tana nufin ɗa ne na wane, ƙarama ake rubuta ta: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Idan ta narke cikin sunan, sai ta ɗauki babban baƙi, kamar Ɗanjuma ko Ɗanladi. Turawa ma suna da irin wannan, kuma masu kallon ƙwallo suna ganinsa kullum. Virgil van Dijk ɗan Holan ne, a can kuwa "van" ƙarama ce idan sunan farko ya gabace ta, amma idan an ambaci sunan gidan shi kaɗai sai a rubuta Van Dijk. Kevin De Bruyne ɗan Beljiyam ne, shi "De" ɗinsa babba ce ko'ina. Maƙwabta ne, yarensu ma kusan ɗaya, amma kowa da al'adarsa.

A ganina tushen matsalar shi ne fom ɗin da ke cewa a cike da manyan baƙaƙe. Da zarar an rubuta NA'ABBA, bayanin inda babban baƙi yake ya salwanta, duk abin da kwamfuta za ta yi bayan nan cinke ne.

Idan irin wannan jeri ya faɗo hannunka, kada ka goge na asali. Yi gyaran a layin da ke gefensa. Bayan `PROPER` ya gama, ka tace sunayen da ke da hamza, da karan ɗori, da kalmomi irin su ɗan, 'yar, na, mai, bin da ibn. Yawanci ba su da yawa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da idonka. Ka lura hamza iri biyu ce a kwamfuta, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, neman ɗaya ba zai fito da ɗayar ba. Wanda kuma ka yi shakka a kansa, ka tambayi mai sunan yadda yake rubuta abinsa kafin a kai takardar wajen bugawa.