Kukan Bakin Ƙofar Makaranta

Yaro ɗan shekara 2 ya ƙanƙame zanen uwarsa a ƙofar makarantar raino, yana ihu har muryarsa ta dushe. Ba sangarta ba ce. A shekarunsa bai san tsawon lokaci ba, “zan dawo” ba ta gaya masa yaushe.

Iyaye da yawa sukan sulale idan hankalinsa ya ɗauke. Wannan kuskure ne, gobe zai ƙara riƙe ki, don ya gane kina iya ɓacewa ba sallama. Ki rungume shi, ki ce, “Zan dawo bayan ka ci abinci,” ki miƙa shi ga malamarsa, ki tafi. Kullum haka, kuma ki cika alkawarin.

Daga baya ki tambayi malamar ko ya yi wasa. Yawanci kukan yakan tsaya cikin mintuna kaɗan. Idan makonni suka wuce yana yini yana kuka, ba ci ba wasa, a ga likitan yara.