Abin da Takardar Cefane Take Faɗa

Na ɗauki wata guda ina rubuta duk abin da aka sayo a gidanmu, kusa da kowanne na sa garin da ya fito, don in ga wanda za mu iya yi da kanmu a nan. Ga kaɗan daga abin da na gani.

Tsinken sakace ma daga Sin ake kawo mafi yawansa. Abin ya kai ga a 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa shi cikin kayayyaki 41 da ya hana wa masu shigo da su dala.

Madarar garin da muke zuba wa shayi, yawanci an cire mata man shanunta an maye da man kwakwar manja, sannan a yo jigilarta daga Turai. Alhali ga ruga a bayan gari. Sai dai ɗanyar madara ba ta wuni a zafinmu, don haka mai son shiga wannan harka da kindirmo zai fara.

Goro da manja kuwa na soke su nan take. Itatuwansu ruwan kurmi suke so, tun zamanin fataken Gwanja sayowa muke yi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne tumatirin leda. Ana sarrafa mai yawa daga cikinsa da markaɗen da aka shigo da shi daga Sin, mu kuma a Kadawa da Kura tumatir na ruɓewa a kwando tsakanin Janairu da Maris. Wannan yana yi mini ciwo. A gidanmu leda 20 muke sha a wata. In gida 30 na unguwa haka suke, leda 600 ke nan, kuma masu sayen duk ka san ƙofarsu.

Ba sai da masana'anta ba, kauɗa ta isa. A sayi tumatir lokacin araha, a raba shi biyu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a shanya a kan gadon kara, gefen yankan yana kallon rana. Kusan duk nauyin tumatir ruwa ne, kilo 10 ba ya ba da cikakken kilo ɗaya na busasshe, saboda haka da wannan za a yi lissafin farashi. Ribar tana zuwa ne a farkon damina, lokacin da ɗanye ya yi tsada.

Abin da ke korar matan gida daga kauɗar kasuwa yashi ne, domin a ƙasa ake shanya ta bakin titi. Wadda ba ta gama bushewa ba kuma, in an matsa za a ji laima, bayan 'yan kwanaki a buhu sai ta yi baƙi ta fara fumfuna.