Kafin ka bar manhaja ta goge bayan hotonka

Wata ɗabi'a ta yi katutu a shagunan hoto da na buga takardu a Daura, musamman lokacin da ɗalibai ke cike fom na makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin. A tsayar da yarinya da farin hijabi jikin farin bango, a ƙyasta waya, a danna manhaja ta goge bayan hoton, a buga fasfo nan take. Sai an kai gida a ga gefen hijabin ya gutsure, kafaɗa ɗaya ta ɓace, fuska tana reto a sarari. Mai shago ya ɗora wa manhaja laifi, alhali tun wajen ɗauka aka ɓata aikin.

Manhaja ba ta san mutum ba, ba ta san bango ba. Hoto a wurinta tarin ƙananan ɗigo ne, kuma aikinta ta ba kowane ɗigo maki tsakanin 0 da 1. Wanda makinsa ya haura iyaka, galibi 0.5, a bar shi. Wanda ya gaza, a share. Ta koyi ba da makin ne daga dubban hotuna da mutane suka zagaye abin da ke cikinsu da hannu. Da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji an gina su ne bisa tsarin U-Net, wanda masu bincike a Jami'ar Freiburg ta Jamus suka fitar a 2015 don hotunan ƙwayoyin halitta. Wani jikansa, U2-Net na 2020, an horar da shi da hotuna 10,553. Abin da manhajar take lura da shi shi ne inda launi ko haske ya sauya, sai siffar da ta saba gani, wato kai da wuya da kafaɗa. Farin hijabi a farin bango ya hana ta duka biyun: babu sauyin launi, kuma hijabin ya lulluɓe wuya da kafaɗar. Me ya rage mata in ba canki-canka ba?

Akwai kuma abin da masu shago ba su cika sani ba. Manhajar ba ta duba hoton da girmansa. Sai ta ƙanƙance shi tukuna. Hoton waya mai faɗin ɗigo 4000, U2-Net kan matse shi zuwa 320, wato ɗigo goma sha biyu da rabi sun dunƙule sun zama ɗaya. Bakin mayafi mai geza, ko gashin gemu, ko ramukan leshi da kaurinsu bai wuce ɗigo biyar ba, sun narke kafin a fara ba da maki. Idan aka mayar da sakamakon kan babban hoton, sai gefe ya fito kamar an yanka da almakashi marar kaifi. Mayafi shara-shara ya fi wuya, domin kowane ɗigonsa gauraye yake da launin bangon da ke bayansa; ko an bar shi, launin tsohon bangon na nan a jikinsa. Haka hotunan hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Daura: mahayi da doki sukan tsira, amma mashi da linzami da kunnuwan rawani suna iya salwanta saboda siranta.

Wani zai ce manhajojin kuɗi sun wuce wannan matsala. Gaskiya ne sun fi, don suna aiki da hoto mafi girma, kuma suna ƙara mataki na auna yadda kowane ɗigon gefe ya gauraya. Amma iyakar da kyamara ba ta ɗauko ba, babu manhajar da za ta ganta, sai dai ta yi hasashe. Wani kuma zai ce ai fom ɗin ne ya nemi farin baya. To, ita ce ma hujjar kada a sa farin hijabi. A sa mai duhu a tsaya jikin farin bango, kila ma ba a buƙaci goge komai ba.

In kuwa sai an goge, a rataya yadi marar zane wanda launinsa ya bambanta da tufafin, a janye mutum taku biyu daga jikinsa don inuwa kada ta manne masa, a ɗauka inda haske ke dukan fuska. Kafin a buga, a ɗora hoton kan baƙin baya, a zuƙo gefen kai da kafaɗu; duk gutsure da ragowar bango za su bayyana. Wannan bai kai minti ɗaya ba. Kai kuma mai karɓa, ka duba gefen hotonka tun kana shagon, kada ka biya kuɗin fasfo mai kafaɗa ɗaya.