Rasit ɗin kuɗin hannu: yadda ake gyara shi ya tsare mai biya da mai karɓa

Kuɗin da ya bi ta banki yana barin sawu. Akwai rana, akwai adadi, akwai sunan wanda ya tura da wanda aka tura wa. Tsabar kuɗi kuwa da zarar an ƙirga an sa a aljihu, shaidar da ta rage ita ce abin da aka rubuta a takarda da abin da mutane suka iya tunawa. Shi ya sa rasit ɗin kuɗin hannu ya fi kowane rasit buƙatar kulawa, amma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sau da yawa a bayan ambulan ake rubuta shi, ko a yagi takarda daga littafin yaro, a tsaye, ana sauri a tafi masallaci.

Ma'aunin rasit mai kyau guda ɗaya ne. A miƙa shi ga wanda bai halarci cinikin ba, ko magaji ne, ko mai unguwa, ko alƙali, ya karanta ya gane wa ya biya wa, nawa, don me, kuma me ya rage, ba tare da ya kira kowa ya yi masa bayani ba. Mutum biyun da suka yi cinikin sun san abin da suke nufi a ranar. Takardar ana yin ta ne saboda ranar da ɗayansu ya manta, ko ya yi tafiya, ko ya rasu.

Bari mu ɗauki misalin hayar shago. Mai shago ya yanke haya naira 600,000 a shekara. Ba ya gari, dillali ne ke kula masa da shagunan. Mai kama haya ya kawo naira 400,000 lakadan, da alkawarin zai ciko sauran bayan wata biyu. Dillali ya ɗauki biro ya rubuta:

“Na karɓi kuɗin shago dubu 400 daga Malam wane. Saura 200.”

Ya sa hannu ya miƙa. Kowa ya tafi ransa fari, domin an yi rubutu.

Bayan wata biyu mai shago ya dawo, ya ce shi abin da ya shigo hannunsa 340,000 ne, don haka yana bin 260,000. Da aka tambayi dillali sai ya ce ya cire la'adarsa, kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, wato 60,000. Mai haya ya ce shi bai san wannan zance ba, haya ya biya, ga takarda. Abin lura shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma takardar ba ta iya raba gardamar ba. “Kuɗin shago” zai iya zama haya, zai iya zama haya da la'ada, har ma wani zai iya cewa kafin alƙalami ne na sayen shagon. Takardar ba ta faɗi wane shago ba, ba ta faɗi wace shekara ba, ba ta da kwanan wata, kuma ba ta nuna cewa a madadin wani aka karɓa ba. Hatta “saura 200” ɗin bai ce naira 200 ko dubu 200 ba.

Ga yadda ya kamata ta kasance:

“Yau Asabar, 1 ga Maris 2025, ni wane ɗan wane, mazaunin unguwa kaza, na karɓi tsabar kuɗi naira dubu ɗari huɗu (₦400,000) daga hannun wane ɗan wane. Na karɓa ne a madadin wane, mai shago mai lamba kaza a layi kaza, da izininsa. Wannan kuɗi wani ɓangare ne na hayar shagon ta shekara ɗaya, daga 1 ga Maris 2025 zuwa 28 ga Fabrairu 2026, wadda jimillarta naira dubu ɗari shida (₦600,000). Saura naira dubu ɗari biyu (₦200,000), za a biya kafin ko a ranar 30 ga Afrilu 2025. Babu la'ada a cikin wannan kuɗi.”

Sai sa hannun mai karɓa, da na mai biya, da na shaidu biyu, kowa da cikakken sunansa da lambar wayarsa a gefe. Duka bai wuce rabin shafi ba.

Jumlar da ta fi kowace aiki a nan ita ce ta “a madadin wane”. Yawancin rigingimun haya da na filaye daga nan suke tasowa, domin mai karɓar kuɗi sau da yawa ba shi ne mai dukiyar ba. Dillali ne, ko yaron gida, ko babban ɗa a cikin magada. Idan rasit bai ambaci sunan mai dukiya ba, abin da ya tabbatar kawai shi ne ka ba wani mutum kuɗi. Bai tabbatar ka biya hayarka ba. Rubuta “da izininsa” ma bai isa shi kaɗai ba, tun da mai karɓa ne ya faɗa da bakinsa. Kafin a ƙirga kuɗin, mai biya ya kira mai shagon a waya a gaban shaidu, ko ya nemi ya turo masa saƙon tes cewa a ba wane. Wasu suna ganin wannan kamar rashin yarda ne da dillali. Ni dai a ganina dillalin kirki shi ya kamata ya fara cewa a kira, domin shi ma takardar tana wanke shi.

La'ada kuwa a yi mata nata rasit ɗin daban, da sunan dillali shi kansa. Haka duk wani kuɗi da ba haya ba, kamar wanda ake ajiyewa saboda gyaran ɓarna idan za a tashi. Wannan na ajiya a rubuta ƙarara cewa za a mayar da shi, da sharaɗin da zai sa a cire wani abu. Kuɗi biyu masu dalili biyu idan suka haɗu a layi ɗaya, ranar rabuwa kowa zai raba su yadda ya fi masa daɗi.

Sai batun adadi. Ana rubuta shi da kalmomi sannan da lamba, saboda lamba tana da sauƙin taɓawa. Sifili ɗaya ya isa ya mayar da 40,000 ta zama 400,000, kuma 1 tana komawa 7 da ɗan ja guda. Kalmomi ba sa karɓar irin wannan gyara cikin sauƙi. A manna alamar naira jikin lambar farko, kada a bar fili, a kuma ja layi a kan duk sararin da ya rage a ƙasan rubutu. Sunan kuɗin ma a faɗe shi. Masu ciniki tsakanin Jibiya da Maraɗi sun san dalili: a Nijar da dala ake lissafi a baki, dala ɗaya sefa 5 ce, don haka wanda ya ce “ɗari” sefa 500 yake nufi. Rasit ɗin da ya ce ɗari kawai, mutum biyu masu gaskiya za su iya karanta shi su fito da adadi biyu.

Idan an yi kuskure wajen rubutu, kada a goge, kada a shafa farin ruwan nan, kada a maimaita biro a kan lamba har ta yi baƙi. A ja layi ɗaya siriri yadda tsohon rubutun zai ci gaba da karantuwa, a rubuta daidai a sama, su biyun su sa hannu a gefen gyaran. In kuskuren a kan adadin kuɗi ne, gara a yaga a gaban kowa a sake sabuwa.

Wanda bai iya karatu ba, ko takardar da aka rubuta da harshen da ba ya ji, yana da nasa tanadi. Jihohi da dama a Najeriya suna da dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ɗora wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta, a matsayin shaidar cewa an karanta wa mutumin an kuma yi masa bayani kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Layi ɗaya ne a ƙasa: “Ni wane na rubuta, na karanta masa da Hausa, ya ce ya gane kafin ya dangwala.” Idan babu wannan, mai dangwalen zai iya cewa daga baya bai san abin da ke ciki ba, kuma da wuya a ƙaryata shi. Shaidu ma a zaɓe su da tunani. Ɗaya daga ɓangaren mai biya, ɗaya daga ɓangaren mai karɓa, waɗanda suka ga ƙirgar kuɗin da idonsu. Wanda aka kai wa takarda gida da daddare ya sa hannu bai shaidi komai ba. Rubuta bashi da kafa masa shaidu ba sabon abu ba ne a wurinmu, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan wannan take, kuma cikon 200,000 ɗin nan bashi ne mai ajali.

Mutane da yawa suna ɗauka rasit na mai biya ne shi kaɗai. Mai karɓa yana buƙatarsa daidai da shi, don ta nan ne zai nuna cewa 400,000 ya karɓa ba 600,000 ba. Saboda haka a yi kwafi biyu. Littafin rasit mai lamba da takardar kabon ya fi, domin rubutu ɗaya ne ya fito a shafi biyu. In babu, a rubuta biyu iri ɗaya, a sa hannu a kan kowanne, kowa ya ɗauki hotonsa da waya nan take. Hoto ƙari ne, asalin takardar ita ake nema idan magana ta yi nisa. Ranar da aka kawo cikon kuma a yi sabon rasit, a ambaci ranar na farko, a rufe da cewa “da wannan an gama biyan hayar shekarar, babu saura”. Kada a taɓa rubuta wannan jumla alhali da sauran ko naira ɗaya, komai alkawarin da aka yi.

Rasit yana da iyakarsa. Shaidar biyan kuɗi ne, ba yarjejeniyar haya ba ne, kuma a cinikin fili ba ya maye gurbin takardun mallaka da amincewar hukuma da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Akwai kuma kuɗin da rasit ba zai halatta biyansa a hannu ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 a Najeriya ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗin da ya haura naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta hanyar banki ko wata cibiyar hada-hadar kuɗi. Idan cinikinku ya wuce nan, ku tafi banki tare, ku rubuta lambar shaidar turawar a jikin rasit ɗin.